Buhunan da Ba Su Dawo Mangaza Ba

Malam Iro ba ya barin gida sai ya sha kunu, ko da kuwa ana jiransa. Ranar wannan Laraba ma ya dawo daga masallaci, ya zauna a kan tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, matarsa Sa'adatu ta ajiye masa kwano. Ya sha rabi ya rufe. Ta dubi kwanon, ta dube shi, domin kwana uku ke nan yana yin haka, kuma ta san ba kunun ne ya canja ba. Ya soke bik biyu na rubutu a aljihun gaba, shuɗi da ja, ya ɗaura mabuɗai a mazagin wando, ya fita. Masu kabu-kabu sun daɗe da daina yi masa magana, saboda kowa a unguwar ya san a ƙasa yake tafiya. Ya tsallake kwaltar da ta ratsa Dogon Dutsi, ya bi bayan tasha, ya isa shagon marigayi Alhaji Rabilu kafin rana ta yi zafi.

Shagon taki ne da irin shuka da maganin ƙwari, kuma shekara talatin da uku ke nan Iro yake riƙe da littattafansa. Mutumin Geceme ne. A can ya yi lakwal, wato makarantar boko, a hannun wani malami da yake dukan yatsu in tawada ta ɗiga a kan takarda, kuma har ya tsufa bai daina tsoron ɗigon tawada ba. Da ya samu takardar gama firamare babu halin ci gaba, sai ya zama mai rubuta awo a wurin masu sayen wake, yana bin kasuwanni da kaye, littafin rubutu, a hammata. A nan Rabilu ya gan shi. Lokacin ba a fara ce masa Alhaji ba, tebur ɗaya gare shi a bakin kasuwa, kuma duk bashin da yake bin mutane a kansa yake ajiye shi, domin karatun allo ya yi, bai yi na boko ba. Ya tsaya ya kalli yadda saurayin yake jan layi da rula kafin ya rubuta lamba, sai ya ce masa, “Kai, zo ka zama kaina na biyu. Wannan na farkon ya cika.”

Tare suka ga shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin da kuɗin kaya ya tashi cikin 'yan kwanaki, suka wuni suna sake rubuta farashi. Tare suka ga shekarar farin dango da yunwar da ta biyo bayanta, lokacin da manoman Sukukutane suke zuwa a kan amalanke su tsaya a ƙofar shago, su gaisa, su kasa faɗin abin da ya kawo su. A zamanin nan akwai benci a inuwar shagon, ana dafa shayi, kuma ba a maganar bashi sai an tambayi lafiyar gida da ta dabbobi. Benci yana nan har yau, amma mako bakwai ke nan da aka kai Alhaji makwancinsa, kuma tun ranar ba wanda ya hura wutar shayi.

Zaidu mai mangaza, wato ɗakin ajiyar shagon, wanda yake karɓar kaya yana fitar da su, ya riga shi isowa. Taubashin Iro ne, don haka bakinsa ba ya hutawa a kansa.

“Malam mai jan bik,” in ji shi, “yau ma da ƙafa? Kuɗin kabu-kabun da kake tarawa, a kabari za ka kashe su?”

“Ina tara maka na haƙori ne, Zaidu. Na ga saura uku.”

Suka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Ranar Lahadi aka ƙirga kayan mangaza saboda rabon gado. Yazid, babban ɗan Alhaji, shi ya tsaya a kan ƙirgar. Littafin mangaza ya ce akwai buhun taki tamanin, ido ya ga sittin da ɗaya. Buhu goma sha tara babu su. Mabuɗin mangaza biyu ne, ɗaya a hannun Zaidu, ɗaya a mazagin Iro, kuma Iro kaɗai yake rubutu. Da Yazid ya tambaye shi, sai ya ce a ba shi lokaci. Yazid ya ba shi zuwa Laraba, ya ce ƙanwarsa Fadila, wadda take aikin kontabul, wato akanta, a Dosso, za ta zo ta duba littattafan, kuma in ba a samu bayani ba kafin la'asar, a ajiye masa mabuɗai. Iro ya san inda buhunan suke. Abin da ya hana shi barci shi ne ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

Ya share teburinsa, ya jera kayan aiki kamar kullum: littafin kuɗin hannu, babban littafin masu bashi, littafin mangaza, da ɗaurin takardun mayar da kaya mai baƙar takarda a tsakani don kowane rubutu ya fito sau biyu. A babban littafin kowane mai bashi yana da shafinsa, a ƙarshe kuma akwai shafin jimla. In aka tara abin da ke kan kowane shafi, dole ya yi daidai da shafin jimla, ko dala ɗaya ba ta bambanta ba. A safiyar nan jimlar jika ɗari tara da goma sha huɗu ce, kowace jika kuwa sefa dubu ce.

Wadda ta fara shigowa Shatu ce, wata dattijuwa mai noman wake daga Sukukutane, ɗauke da famfon feshi a ka. Ta sauke shi a gaban tebur kamar ta kamo ɓarawo.

“Malam Iro, mi kuka sayar mini? Na ce a gwada shi da ruwa tun kafin wake ya taso, sai ga ɗana ya jiƙe sharkaf daga wuya har ƙugu. In da magani ne fa? Gona za a yi wa feshi ko bayan mutum?”

“Sannu da hanya tukuna, Inna. Ina takardarki?”

“Akuya ta karanta ta.”

Iro ya buɗe ɗaurin makon jiya, ya samu na biyun takardar: famfo ɗaya, jika goma sha biyu da rabi, an biya hannu da hannu. Zaidu ya zuba ruwa ya gwada, ya ga tsaga a gindin tankin, ya gyaɗa kai. Babu wani irinsa a shago, don haka kuɗinta za a mayar mata. Iro ya ƙirgo su daga akwati ya ba ta, ya sa ta danna yatsa a takardar mayarwa kusa da sa hannun Zaidu. Sannan ya rubuta su a littafin kuɗin hannu a gefen abin da ya fita, ya rubuta su a shafin kayan da aka dawo da su don a rage su daga ciniki, ya shigar da famfon a littafin mangaza da alamar cewa mai aibi ne, za a mayar wa wanda ya kawo shi. Babban littafi kuwa bai taɓa shi ba, domin Shatu ba ta ci bashi ba, ba ta da shafi a ciki.

Tana fita Arzika ya iso da amalanke, buhu ɗaya a kai. Manomin Geceme ne, ya ɗauki buhu uku bashi tun Alhaji yana da rai, a kan jika ashirin-ashirin, zuwa kaka.

“Ƙanena ya karɓe gonar da ya ara mini,” in ji shi. “Wanga buhu bai da aiki. Ko zarensa ban kwance ba. A ba ni jika ashirin ɗina in tahi.”

Zaidu ya fashe da dariya. “Arzika, wane jika ashirin? Waɗanda ka biya a mafarki?”

“To ba yanzu na ga an ƙirga wa wata tsohuwa ba?”

“Ita ta kawo nata ta ajiye, shi ya sa ta ɗauka,” in ji Iro. “Kai ba ka ajiye kome ba. Abin da zan ba ka takarda ce, kuma ta fi kuɗi amfani gare ka. Ana binka sittin, yanzu ya koma arba'in.”

Zaidu ya juya buhun, ya duba ɗinkin, ya kai shi ciki, ya dawo ya sa hannu a ƙasan takardar, irin sa hannunsa mai kama da ƙugiya, shaidar cewa kaya sun shiga mangaza. Iro ya yage ta sama ya ba Arzika. Ya cire ashirin a shafin Arzika, ya cire ashirin a shafin jimla, ya rubuta ashirin a shafin kayan da aka dawo da su, ya ƙara buhu ɗaya a littafin mangaza. Akwatin kuɗi bai buɗe shi ba. Littafi ya koma tamanin da ɗaya, mangaza sittin da biyu, giɓin yana nan yadda yake.

Da hantsi Yazid da Fadila suka iso. Yazid yana da shagon wayoyi a bakin kwalta, saurayi ne mai tsare addini, mai gajeren wando da gajeriyar magana, kuma ba a taɓa kama shi da cin haƙƙin wani ba. Tun yana rarrafe yake cewa Baba Iro, amma tun ranar Lahadi ya koma cewa Malam Iro. Fadila kuwa ta durƙusa ta gaida shi kamar da. A kan wannan teburin ta koyi tara lambobi, tana tsaye a kan buhu don ta kai.

“Baba Iro, ka yi haƙuri da abin da ya kawo ni.”

“Aikinki ne, ɗiyata. Ga su nan. Ba shafin da aka yage, ba layin da aka goge.”

Ta zauna ta fara. Ta ƙirga kuɗin akwati ta gwada da littafi, suka yi daidai. Ta bi shafukan masu bashi ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a wayarta, ta samu jika ɗari takwas da casa'in da huɗu, shafin jimla ma haka ya ce bayan an cire na Arzika. Ta ɗago kai ta ce, “Yaya, nan babu kome. In akwai matsala, tsakanin takardun mayarwa da mangaza take.” Ta nemi ɗaurin shekarun baya, Iro ya sauko da su daga saman kanta, kowanne ɗaure da zare, da shekararsa a rubuce.

Sai da aka yi sallar azahar ta gama. Ta ware takarda takwas ta jera su a kan tebur. Ta farko shekara bakwai da rubuta ta, ta ƙarshe ta bara ce.

“Kawu Zaidu, duk kayan da aka dawo da su kai kake sa hannu?”

“Ni kaɗai. Ko allura ce.”

“Waɗannan takwas ɗin babu hannunka. Danna yatsa aka yi a wurin. Buhu biyu, uku, biyu, ɗaya…” Ta tara. “Goma sha tara. Kuɗinsu jika ɗari uku da arba'in da biyu.”

Zaidu ya leƙa ya girgiza kai. “Waɗannan buhuna ban gan su ba. Abin da ya shiga ƙofar nan ba ya ɓace mini.”

Yazid ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ajiye. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi zafi. “Fadila, ki gaya mini gaskiya. In an rubuta wa mai bashi cewa ya dawo da kaya, alhali bai dawo da su ba, me ake nufi da haka a aikinku?”

Ta sunkuyar da kai. “Yawanci, Yaya, mai bashin ya biya ne, mai rubutu ya sa kuɗin a aljihu, sannan ya rufe shafin da takardar mayarwa. Shafuka za su yi daidai, akwati zai yi daidai, sai ranar da aka ƙirga kaya. Na ce yawanci.”

Iro ya dubi ƙofa, inda benci yake.

“Malam Iro, ba na son in zarge ka ba da shaida ba, haramun ne,” in ji Yazid. “Amma akwai marayu ƙanana a cikin magada, kuma ni za a tambaya. Tun da ba za ka yi magana ba, ga sunaye nan takwas. Gobe zan hau babur in bi su gida-gida, in tambayi kowa a gaban mutanensa: ka biya, ko ka dawo da kaya, ko har yanzu ana binka?”

Wannan maganar ce ta kwance bakin Iro. Kwana uku ya yi yana auna sunansa da alkawarinsa, yana ganin gara a karɓe mabuɗai da ya tona abin da mamaci ya rufe. Bai taɓa kawo wa ransa cewa shirun nasa zai kai babur ƙofar gidajen nan ba. Ya san su duka. Ɗaya limamin ƙauye ne. Ɗaya ya rasu, matarsa da 'ya'yansa ne a gidan.

“Yazidu, zauna,” in ji shi. “Zaidu, tura ƙofar nan.”

Ya ba su labarin daga tushe. Shekara takwas da suka wuce ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, wani dattijo mai mutunci ya kasa biyan buhu biyu. Alhaji, cikin kyakkyawar niyya, ya ce masa a bakin shago, a gaban masu shayi, “Na yafe maka.” Ya sa Iro ya rubuta haka a shafinsa da jan bik. Dattijon ya yi godiya ya tafi, kuma bai sake taka ƙofar shagon ba. In ya hango Alhaji a kasuwa sai ya canja hanya. Har ya rasu ba su sake zama a tabarma ɗaya ba, alhali tare suka yi ƙuruciya. Abin ya tsaya wa Alhaji a rai. Da shekara ta zagayo wani ya kasa biya, sai Alhaji ya kira shi cikin mangaza su biyu, suka gama maganarsu, ya fito ya ce wa Iro, “Rubuta ya dawo da kaya.”

“Na ce masa, Alhaji, takin yana cikin ƙasa, an ci geronsa ma. Akwai shafin asara, can ake kai bashin da ba zai biyu ba. Ya ce mini, Iro, littafin nan zai fi ni daɗewa. 'Ya'yana za su karanta, 'ya'yan mutumin nan za su zo sayayya. Ba za a rubuta ‘ya kasa’ a kan sunan mai iyali a shagona ba. Na ce to buhun da babu shi fa, in aka zo ƙirga? Ya ce, ni da kai mun san inda yake. Kowace shekara in mun yi ƙirga ina nuna masa giɓin, ina roƙonsa mu gyara, sai ya ce bari sai baɗi. Ya sa na yi masa alkawari ko ku ba zan gaya wa ba. Abu ɗaya na ƙi: na ce ba zan sa Zaidu ya shaidi kayan da bai gani ba, kuma ba zan sa hannuna ni kaɗai ba. In yana so, ya danna nasa yatsan.”

“Yatsa yatsa ne,” in ji Yazid. “Ta yaya zan san nasa ne?”

Fadila ta riga ta ɗauki takarda ɗaya ta kai bakin taga. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗauki ta biyu, ta uku. A tsakiyar kowane tambarin yatsa akwai farin layi a karkace, inda tawada ba ta kama ba.

“Yaya, zo ka gani. Tabon ƙugiyar sikeli.”

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Alhaji Rabilu ya san wannan tabon a babban yatsansa na dama, wanda ƙugiyar ma'auni ta yanka tun yana mai tebur. Yazid ya karɓi takardar, ya bi su takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro katin shaidar mahaifinsa mai tambarin yatsa, wanda yake ɗauke da shi saboda takardun gado, ya ɗora kusa da su. Fadila ta ja gefen mayafinta ta share ido.

“Baba ke nan,” in ji ta. “A gida ya hana mu sayen firiji shekara uku, ashe ga inda firijin yake.”

Zaidu ya yi tsaki. “Ni kuma shekara bakwai ina gadin buhunan iska ban sani ba. Ai da an biya ni ladan gadinsu.”

Yazid bai yi dariya ba. “Allah ya karɓi sadakarsa, ya sa ta a mizani. Abin da mutum ya yafe da ransa da lafiyarsa ya fita daga dukiyarsa, ba gado ba ne, ba mai bin mutanen nan ko dala. Amma Baba Iro, abin da aka rubuta ba gaskiya ba ne. Saura kaɗan mu raba wa marayu buhun da babu. Saura kaɗan in ɗauki alhakinka.”

“Ba gaskiya ba ne,” in ji Iro, “kuma da hannuna na rubuta. Sau takwas. Ya ce in yi, amma ni na san aikin, shi bai sani ba. Wannan laifin ba na raba shi da kowa.”

“To a gyara. A buɗe shafin kowannensu a rubuta abin da ya faru.”

Iro ya buɗe baki, amma Fadila ta riga shi. “Ba sai an taɓa shafukansu ba, Yaya. Shafukansu sun ce ba a binsu kome, kuma gaskiya ne ba a binsu. Kuskuren yana ɗaya gefen ne. An kai kuɗin shafin kayan da aka dawo da su, an ƙara buhuna a mangaza. Can za a gyara.” Ta juya. “Baba Iro, in Baba ya ɗauki kuɗi a shago don cefane ko biki, ina kake rubutawa?”

“Yana da shafinsa.”

“To can za su. Ba asarar ciniki ba ce, tun da ba guduwa suka yi da kuɗin ba. Shi ya ɗauki nasa ya bayar. A rubuta lambobin takardun, ba sai an sa suna ba.”

Yazid ya yi tunani, ya gyaɗa kai. Sai ya ce, tun da ana gyara, akwai wani shafi da ya gani ranar Lahadi, na wani Bawa, jika ashirin da bakwai, shekara shida ba motsi. Iro ya ce wannan dabam ne. Bawa baƙo ne da ya yi aron gona, ya tafi arewa neman kuɗi, an aika sau uku ƙauyen da ya ce nasu ne ba a samu wanda ya san shi ba, bai bar gona ko dabba ba. Alhaji bai yafe masa ba, jiransa yake yi.

“Wannan shi ne mataccen bashi,” in ji Fadila. “In aka bar shi a jimla, za a ba wani magaji rabon da ba zai taɓa gani ba. A kai shi shafin asara.”

“Na yarda, kuma zan gaya wa sauran magada yau,” in ji Yazid. “Amma ba mu yafe ba, ba ni da ikon yafe haƙƙin yara.”

“Cirewa daga lissafi ba yafewa ba ce,” in ji Iro. “Sunansa zai koma bayan littafi. Ran da Allah ya dawo da shi ya biya, sai a rubuta kuɗin a matsayin bashin da aka fid da rai ya dawo.”

Aka kira la'asar. Yazid ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa kamar akwai maganar da ta maƙale masa. Iro ya kai hannu mazagi ya fara kwance mabuɗai, domin wa'adi ya cika kuma ba a ce an janye shi ba.

“Me kake yi, Baba Iro? Wa zai buɗe gobe? Ni ban san ko wane mabuɗi ne na wace ƙofa ba.” Ya sa takalmi. “A gaida Inna Sa'adatu. Ka ce mata ina nan tafe, ina da abin da zan ce a gabanta.”

Bayan salla Fadila ta tafi gidan mahaifiyarta, Zaidu ya shiga gyara jerin buhuna, Iro ya koma teburinsa. Bai goge kome ba, domin ba a gyara kuskure da gogewa. Ya ja sabon layi a shafin kayan da aka dawo da su, ya rubuta kwanan wata, ya cire jika ɗari uku da arba'in da biyu da jan bik, ya jera lambobin takardu takwas a gefe. A littafin mangaza ya cire buhu goma sha tara, saura sittin da biyu, ya ɗaga murya ya tambayi Zaidu nawa ne a ciki, Zaidu ya amsa daga can cewa sittin da biyu ne, sai dai in wani ya haihu. Sannan ya buɗe shafin Alhaji. Layin ƙarshe a ciki kuɗin magani ne na makon da ya kwanta. A ƙarƙashinsa Iro ya rubuta a hankali: abin da ya yafe wa mutane da ransa, jika ɗari uku da arba'in da biyu. Ya jira tawadar ta bushe kafin ya juya.

Ya rufe shafin Bawa, ya kai ashirin da bakwai shafin asara, ya cire su daga shafin jimla, ya kwafe sunan a bayan littafi. Jimla ta koma jika ɗari takwas da sittin da bakwai, domin ba wanda ya biya ranar, kuma ba a ba da sabon bashi ba tun rasuwar Alhaji. Ya koma shafin farko ya fara tarawa da ka, yatsa a kan kowane suna, leɓensa yana motsi, bai tsallake ko waɗanda aka rufe ba. Da ya kai ƙarshe ya samu ɗari takwas da sittin da bakwai. Ya sake tarawa daga baya zuwa gaba, ya samu haka. Ya ɗora rula, ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar, ya rufe littafin ya sa shi a akwati ya kulle.